Sabon faifai, dogon jira: dalilin da wasa ke neman saukewa tun ranar farko

A wannan fitowa filin namu na iyali da na'urorin zamani zai amsa wata tambaya da wani magidanci ya aiko mana, wadda muka tabbata ba shi kaɗai take damu ba. Ɗansa ya ci jarrabawa, shi kuma ya cika alkawari, ya sayo masa sabon faifan wasa a cikin kwalinsa, ledarsa ma ba a ɓare ba. Da aka saka faifan cikin na'ura, maimakon wasa ya tashi, sai allo ya nuna cewa akwai jiga 30 da za a sauke daga intanet tukuna. Forfen gidan ya ƙare kafin aikin ya kai rabi, yaro ya kwana da hawaye, uba ya kwana da zargin cewa mai kanti ya sayar masa da faifan banza. Tambayarsa ita ce: in dai wasan yana cikin faifan, mene ne kuma ake saukewa? In kuwa ba ya ciki, to mene ne ya saya?

Mu fara da wanke mai kanti. A mafi yawan lokuta faifan na gaskiya ne, kuma da magidancin ya saye shi a Paris ko Tokiyo abin da zai gani ke nan. Domin a fahimci lamarin, sai mu bi faifan tun daga inda aka haife shi.

Wasan na'ura irin na yau aiki ne na ɗaruruwan mutane, na shekaru da dama. Idan masu ƙirƙirarsa suka ga ya kai matsayin fita, sukan tsayar da kwafi guda su miƙa wa kamfanin da ke ƙera na'urar, wato Sony ko Microsoft ko Nintendo, domin ya gwada shi, ya tabbata ba ya rikita na'urar kuma ya bi ƙa'idojinsa. In ya tsallake wannan gwaji, kwafin ya zama uwar faifai, wadda masu sana'ar ke kira kwafin zinariya. Daga gare ta ake buga dubban ɗaruruwa ko miliyoyin faifai a masana'anta, a buga takardun kwali, a naɗe, a loda a jiragen sama da na ruwa da manyan motoci, har kaya su kai kantunan duniya kafin ranar da aka yi shelar fitowa. Wannan duka yana cin makwanni. Abin lura a nan shi ne, faifan da aka buga ba a iya sake rubuta komi a kansa. Abin da ke cikinsa shi ne wasan kamar yadda yake a ranar da aka tsayar da uwar faifai, ba a ranar da muka saye shi ba.

A cikin waɗannan makwanni kuwa masu aikin ba su naɗe hannu suka zauna ba. Suna ci gaba da farautar kurakurai: ƙofar da ta ƙi buɗewa, mutumin da ke nitsewa cikin ƙasa, wurin da wasan ke daskarewa, ajiyar ci gaban mai wasa da ke ɓacewa. Duk gyaran da suka yi suna tara shi wuri ɗaya, su ɗora a kan manyan na'urorin kamfani da ke raba shi ta intanet. Wannan tarin gyara shi ake kira faci, kuma kalmar ita ce dai wadda muka sani a bakin mai gyaran taya: abin da ake mannawa a kan huda. Wanda aka tanada domin ranar fitowa shi ne facin ranar farko. A na'urar da ke magana da Faransanci, abin da allo ke rubutawa shi ne « Mise à jour ».

Misali guda zai nuna mana tsawon wannan tazara. Wasan Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt da ke ƙasar Polan, an yi shelar kammala uwar faifansa ranar 5 ga Oktoba 2020, da niyyar fitowa ranar 19 ga Nuwamba. Kwana 45 ke nan tsakani. Sai ga shi ranar 27 ga Oktoba kamfanin ya ɗage fitowar zuwa 10 ga Disamba. Jama'a suka yi mamaki: yaya za a ɗage abin da aka ce an gama, har ana buga shi? Kamfanin ya bayyana cewa ba faifan ke jawo jinkirin ba, facin ranar farko ne bai nuna ba, ga shi kuma suna gwada wasan a kan nau'o'in na'ura guda tara. Ma'ana, wanda ya buɗe kwalinsa ranar 10 ga Disamba yana riƙe da wasan da ya tsufa da kwana 66, kuma aikin waɗannan kwanaki 66 duka yana jiransa a intanet. Facin ma bai wadatar ba. Wasan ya yi ta tuntuɓe a kan PlayStation 4, har Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet mako guda bayan fitowarsa, bai mayar da shi ba sai a watan Yuni 2021, bayan an yi ta faci a kan faci.

Ba haka lamarin yake a da ba. A zamanin PlayStation 2, wanda har yau wasu gidajenmu ke da ita, abin da ke faifai shi ne wasan, babu ƙari. In an gano kuskure bayan fitowa, ko dai a haƙura da shi, ko a gyara a bugu na gaba, ko in abin ya yi muni a janye kayan daga kasuwa. Akwai wani labari da ya faɗo daidai kan gaɓar sauyin zamanin, kuma ya shafe mu. A watan Oktoba 2008, ana saura ƴan kwanaki wasan LittleBigPlanet ya fito a kan PlayStation 3, aka lura cewa ɗaya daga cikin waƙoƙin da ke tashi a cikinsa, ta marigayi Toumani Diabaté, makaɗin kora na ƙasar Mali, tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani mai girma. Masu ƙirƙirar wasan a Ingila suka shirya faci cikin gaggawa domin cire muryar. Amma Sony ya zaɓi ya janye faifan daga duniya baki ɗaya, ya ɗage fitowar, ya sake bugawa, domin faci ba ya isa ga wanda na'urarsa ba ta haɗe da intanet. A wancan lokaci ana lissafi da irin wannan mai saye. A yau kamfanoni da yawa sun ɗauka kowa na da intanet mai ƙarfi marar iyaka, abin da bai dace da halin yawancin gidajenmu ba. A ganinmu faci alheri ne da ya zo da lalaci: ya ba da damar gyara abin da a da sai dai haƙuri, ya kuma ba wasu ƙwarin guiwar tura wasan da bai nuna ba zuwa masana'anta, da tunanin a ƙarasa daga baya.

To, yanzu mu dawo ga allon magidancin namu. Idan aka saka sabon faifai, abubuwa uku daban-daban na iya faruwa, wani lokaci a tare, kuma jama'a kan haɗa su duka su kira su saukewa.

Na farko shi ne kwafe wasan daga faifai zuwa ma'ajiyar cikin na'ura. Wannan ba ya cin ko mega ɗaya na forfe, ko da yake shi ma yana nuna sandar ci gaba a allo. Dalilinsa sauri ne. Mai karanta faifai na PlayStation 4 ba ya wuce kimanin mega 27 a daƙiƙa, wanda bai isa ya ciyar da wasan zamani kai tsaye ba. Ma'ajiyar PlayStation 5 kuwa tana karanta jiga 5,5 a daƙiƙa, wato ninki kusan ɗari biyu. Saboda haka tun daga na'urorin da suka fito a 2013 wasa ba ya gudana daga faifai. Ana kwafe shi ciki, wanda ga wasa mai jiga 45 yakan ɗauki wajen rabin awa ko fiye, daga nan faifan ya koma matsayin mabuɗi: na'ura na dubawa ta ga yana ciki, ta tabbata kai ne mai shi, sannan ta buɗe wasan.

Na biyu shi ne facin da muka yi bayani. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne sashen wasan da ba a taɓa sakawa a faifan ba. Wani lokaci dalilin rashin wuri ne. Faifan PlayStation 4 da Xbox One yana ɗaukar jiga 50, na PlayStation 5 yana kaiwa jiga 100, wasu wasanni kuma sun zarce haka. Akwai kamfanonin da suka magance wannan da faifai biyu a kwali ɗaya, kamar Red Dead Redemption 2 a 2018 da Final Fantasy VII Rebirth a 2024. Amma faifai na biyu kuɗi ne, shi ya sa wasu ke barin ragowar a intanet. Wani lokaci kuma ba ma batun wuri ba ne. Tony Hawk's Pro Skater 5 ya fito a 2015 da jiga 4,6 a faifai da facin ranar farko mai jiga 7,7, wato facin ya fi rigar girma. A 2022 waɗanda suka binciki faifan Call of Duty: Modern Warfare II na PlayStation 5 sun tarar da abin da ke ciki bai wuce mega 70 da ɗoriya ba, abin da tsohon faifan kiɗa zai ɗauka har da sauran wuri. Wasan gaba ɗaya sai an sauke shi. Irin wannan faifai mabuɗi ne kawai. Nintendo ma a 2025, da na'urarsa Switch 2, ya fito da wasu katunan wasa da aka rubuta ƙarara a kwalinsu cewa mabuɗi ne, wasan na intanet. Aƙalla wannan ya faɗi gaskiya a gaban kwali.

Sauran tambaya mai nauyi: me ya sa faci, wanda gyaran ƴan kurakurai ne, zai kai jiga 20 ko 30? A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin amsar tana bayyana wani abin da ke ba mutane haushi.

Umarnan da ke tafiyar da wasa, inda yawancin kurakurai suke, ba su da nauyi sosai. Abin da ke cika wuri shi ne hotunan bango da fuskoki da tufafi, muryoyi a harsuna da yawa, kiɗa, da gajerun fina-finan da ke tsakanin matakai. Waɗannan dubban ƙananan abubuwa ba a barinsu a warwatse, domin na'ura za ta ɓata lokaci wajen nemansu ɗaya bayan ɗaya. Ana tattara su cikin manyan fayiloli, kowane na iya kai jiga da yawa, a matse su domin su rage girma. Duk wanda ya taɓa ganin dilar gwanjo ya ga kwatancin abin: ɗaruruwan riguna da inji ya danne, aka ɗaure da ƙarfe, suka zama dunƙule guda. A ce an gano riga ɗaya a tsakiyar dilar ta yage, ana son musanya ta. Ba za a zare ta a cusa wata ba tare da an taɓa sauran ba. Da zarar an sake matsewa, duk abin da ke bayan wannan riga ya gusa daga wurinsa.

Kamfani na da hanya biyu. Ko ya aiko da sabuwar dila sukutum, mai saye ya jefar da tsohuwar, wanda shi ne facin da ke kai jiga masu yawa saboda gyara ƙanƙane. Ko kuma ya kwatanta tsohuwar dila da sabuwa gunduwa-gunduwa, ya aiko da gunduwoyin da suka bambanta kaɗai tare da bayanin inda kowace za ta zauna. Hanya ta biyu ita ce aka fi bi, kuma tana rage nauyi ƙwarai idan an tsara fayilolin da kula, yadda abin da bai sauya ba zai tsaya a wurinsa. Amma idan a cikin makwannin nan masu aikin sun sake jera kayan cikin dilolin, ko sun sauya yadda ake matsewa, to kusan kowace gunduwa za ta fito daban, ko da hotunan ciki su ne dai na da. Kafin fitowar wasa kuwa irin wannan sake jeri ya fi yawa, shi ya sa facin ranar farko kan fi na baya nauyi.

Hanya ta biyun tana da nata haraji, kuma masu PlayStation 4 sun san shi. Bayan an gama sauke faci mai jiga 2 kacal, sai allo ya nuna ana kwafi, a ɗauki rabin awa ko awa guda ana jira. Abin da ke gudana shi ne na'urar tana ɗinka sabuwar dila daga tsohuwar da gunduwoyin da suka iso, kuma ba ta zubar da tsohuwar sai sabuwar ta kammala. Dabara ce mai kyau, domin in kuran ya ɗauke a tsakiya tsohon wasan na nan lafiya. Illarta ita ce ana bukatar filin shimfiɗa dila biyu a lokaci guda. Wannan ne dalilin da na'ura ke cewa babu wuri alhali mai ita na ganin jiga 20 a sake kuma facin jiga 2 ne: wurin da take nema na wasan ne gaba ɗaya. Maganinsa a share wani wasa da aka daina yi, wanda faifansa ke hannu, domin share wasa ba ya share ajiyar ci gaban mai wasa.

A nan ne kuma wanda ya sayi faifai a makare yake shan nasa. Kaya kan iso kasuwanninmu watanni bayan fitowarsu, wasu ma na hannu ne. Na'ura ba ta sauke facin ranar farko kaɗai, tana neman kai wasan matsayinsa na yau ne, da duk gyare-gyare da ƙare-ƙaren da aka yi cikin shekara ɗaya ko biyu. Tsohon faifai mai araha na iya zuwa da saukewa mafi tsada.

Mu yi lissafin jiga 30 ɗin nan. Saurin intanet ana auna shi da megabit, girman fayil kuma da mega-okte, wanda allo ke rubutawa Mo ko MB, kuma kowane mega-okte megabit 8 ne. Jiga 30 mega 30 000 ne, a ninka da 8 ya ba da megabit 240 000. Layin da ke ba da megabit 5 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba zai ɗauki daƙiƙa 48 000, wato awa 13 da minti 20. In ya kai megabit 10, awa 6 da minti 40. Ta fuskar kuɗi, mu ƙaddara jiga ɗaya na tashi sefa 500, kowa kuma ya sa farashin da yake saye a wurin wannan adadi: jiga talatin sun zama jika goma sha biyar, a kan kuɗin faifai. Kalmomin biyu harafi ɗaya ya raba su, kuma a aljihun uba ba su da nisa da juna.

Shin dole ne a sauke? Ya danganta da irin faifan, kuma akwai hanyar ganewa. Kafin a biya kuɗi a juya kwalin, a duba gabansa da bayansa. Ana rubuta yawan wurin da wasan ke bukata a ma'ajiya, sannan in sai da intanet akan rubuta cewa ana bukatar saukewa ko haɗi, da Faransanci ko Turanci, sau da yawa da ƙananan baƙaƙe. Adadin wurin ma manuniya ce: kwalin PlayStation 4 mai faifai ɗaya da ke neman jiga 100 ya riga ya gaya mana cewa kaso mai yawa ba ya ciki. In an riga an saya, a cire na'urar daga intanet kafin a saka faifan, a bar ta ta gama kwafi, sannan a tayar da wasan. In ya tashi, to faifan cikakke ne, abin da ake bugawa shi ne bugun farko, mai lamba 1.00, da kurakuransa. Wasannin labari da mutum ke yi shi kaɗai da yawa suna tafiya haka har ƙarshe, kuma ana iya jinkirta facin zuwa ranar da aka samu wifi mai yalwa a gidan ɗan uwa. In kuwa ya ƙi tashi ya nace sai an haɗa, mabuɗi aka saya.

Wasa da wasu ta intanet shi ne ba ya karɓar uzuri. Dole kowa ya kasance a kan bugu ɗaya, in ba haka ba na'urorin biyu ba za su yarda a kan inda ƙwallo take ba. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023, yakan fito a ƙarshen Satumba, makwanni kaɗan bayan rufe kasuwar ƴan wasa a Turai. Yaron da ya ga gwaninsa sanye da rigar tsohon kulob a sabon faifai bai ga kuskure ba, ya ga ranar da aka tsayar da uwar faifai ne. Shi da ƙanensa za su buga a falo ba tare da faci ba, amma ba zai kara da abokinsa na wani gari ba sai ya sabunta.

Akwai kuma sabuntawar na'urar kanta, wadda dabam take da facin wasa. Sabon wasa kan bukaci sabon tsarin na'ura, kuma a PlayStation sau da yawa faifan na zuwa da shi a ciki. In bai zo ba, ana iya sauke shi a ordinata daga shafin Sony, a sa a kile USB cikin wannan jeri:

```
PS5/UPDATE/PS5UPDATE.PUP
```

Wannan hanya ta tsarin na'ura ce kaɗai, facin wasa ba ya bi ta nan. Kuma wannan ita ce sabuntawar da ba a so kuran ya yanke a tsakiyarta. Saukewar wasa in ta katse takan ci gaba daga inda ta tsaya, amma tsarin na'ura in ya katse ana cikin rubuta shi, na'urar na iya ƙin tashi sai an sake girka shi. A fara shi lokacin da aka fi amincewa da wuta, ko a bayan batirin kariya.

Ga gidan da ke raba intanet daga salula, abu na ƙarshe da za a duba yana cikin saitin na'ura. Akwai zaɓin saukewa da kanta, wanda ke ba ta damar jawo facin wasannin da aka yi kwanan nan ba tare da ta tambayi kowa ba, har a lokacin da take yanayin hutu ana zaton a kashe take. A kashe wannan zaɓi, sannan duk lokacin da faci ya fito a buɗe jerin saukewa a karanta girmansa kafin a bar shi ya tafi. Magidancin da ya rubuto mana mun ba shi shawarar ya dakatar da saukewar ba tare da ya share ta ba, domin jiga goma sha ɗaya da suka riga suka sauka suna nan a ajiye, saura goma sha tara.